An Share Ta Tare Da Poto

Hoto ɗaya ne rak a ɗakina, kuma ni ne a ciki. Duk wanda ya shigo gaisuwa sai ya ɗaga kai ya ce, "Kai, Baba, ka fito!" Na fito kuwa. Ga ni tsaye a bakin kogin Yamai, babbar riga ta sha guga, hula ta zauna daidai, ruwa shimfiɗe a bayana, babu kowa a duniyar sai ni, kamar gwamna aka share wa hanya. Abin da masu yabon ba su sani ba shi ne, a da uwar yarana tana cikin hoton nan. Shi ne kaɗai hotonta mai kyau da aka taɓa ɗauka. Yanzu ta rasu, fuskarta kuma ta fara kuɓuce mini, shi ya sa na zauna da ɗan karatun bokon da na tsinta a yaƙi da jahilci nake rubuta yadda aka yi. Wanda ya ga harafi ya karkace ya yi haƙuri, mai shi ma a karkace yake.

Ɗiyarmu ta fari ce ta haihu a Yamai, inda mijinta yake aiki, aka aiko mu je suna. Mu mutanen ƙasar Dungas, ruwan da muka sani tabki ne, ya cika da damina, kafin a gama sussukar gero ya zama taɓo, awaki su taka shi. To da aka gama suna surukina ya ce sai ya kai mu mun ga kogi. Uwar yara ta tsaya tana kallo, can ta ce, "Malam, duk wannan wucewa yake yi? Ba mai tare shi?" Na ce mata ai na gwamnati ne, ba a taɓawa.

Ina da wata waya mai ɗaukar hoto da ɗiyar ta ba ni. Na miƙa wa surukina na ce ya ɗauke ni, don in na koma gida kada a ce a tashar Damagaram na kwana na dawo. Ya ce, "Inna ma ta matso." Ina! Mace ta tsaya mijin ɗiyarta, ɗiyar fari ma, ya ƙura mata ido, ko da ta bayan waya ne? Ta ja mayafi ta yi gaba abinta, ta koma can baya wajen ƙarfen da aka gitta a bakin ruwa, cikin masu wucewa. Ni kuwa na buɗe ƙirji, na haɗe rai irin na manya. Ashe lokacin da ya danna, ta waiwayo tana yi mini dariya. A cikin mota muna dawowa ta karɓi wayar, ta kai ta kusa da hanci, ta sa farce a kan wani ɗan ɗigo ta ce, "Ga ni nan." Na ce na gani. Gaskiya gilashin wayar bai fi tafin jariri ba, idona kuma ya riga ya fara ritaya.

Akwai wani tela a kasuwar Magariya, taubashina ne, ɗan ƙanwar babana. Tun muna yara ba mu taɓa gaisawa ba tare da zagi ba. Shi na fara kai wa hoton, don shi na fi so abin ya ƙona. Ya sa tabarau, ya duba, ya duba, sai ya kwashe da dariya har keken ɗinkinsa yana rawa.

"Yaushe ya fito maka?"

"Me?"

"Ƙahon mana! Dama na san akwai shi, hula ce take rufewa."

Na karɓa na duba. Wallahi wani poton fitila ne a bayana, ya tsaya saitin kaina daidai, kamar daga tsakiyar hulata ya tsiro, ga wayoyin lantarki sun ratsa ta samansa. Kafin azahar duk layin teloli ana ce mini mai ƙaho. Har mai shayi ya tambaye ni ko a ƙara mini dusa.

Kusa da rumfar telan akwai shagon wani mai hoto, magidanci ne mai sanyin magana, ya yi shekaru yana ɗaukar hoton katin ɗan ƙasa da na biki. Shi ya ce mini wannan ba abin damuwa ba ne, ordinatarsa, wato kwamfuta, tana cire poto, tana cire mutum, tana cire duk abin da ya tsare wa mai hoto hoto. Ya zare ɗan katin da ke cikin wayar ya sa a na'urarsa. Ya ce, "Baba, poton kaɗai, ko har mutanen da ke baya?"

Na ce, "Kwashe su duka. Wa ya gayyace su? Ni na biya kuɗin mota."

Na ƙara da cewa in ya gama ya goge wancan mai ƙahon, kada telan ya samu abin nuna wa jikokinsa. Daga nan na tafi kasuwar awaki, ina da akuyar da zan duba.

Nan fa abin yake. Da na ce mutane, baƙi nake nufi. Ko a mafarki ban taɓa sa uwar yara cikin mutane ba. Mutane su ne waɗanda ake yi wa sallama. Shi kuma mai hoto ina zai san ta? Tsakaninmu da shi gaisuwa ce ta kasuwa. Bai taɓa taka ƙauyenmu ba, kuma ko ya taka, a zaure zai tsaya. Ya ga dattijo a gaba shi kaɗai, ya ga tsohuwa can baya tsakanin mai turin baro da wasu ƴan makaranta. Matar mutum ai kusa da shi take tsayawa a hoto, haka ya saba gani wurin ma'aikata.

Da la'asar na dawo na tarar an wanke shi babba, an sa a gilashi. Babu poto, babu waya, babu kowa. Na bi layin teloli da shi a ɗage kamar tuta.

A gida na jingina shi a bango na kira ta. Ta fito tana goge hannu a zane, ta durƙusa, ta duba dama, ta duba hagu.

"Ina nake?"

Sai a lokacin na tuna da ita. Amma ni ba a kama ni da sauƙi. Na ce, "Kin faɗa ruwa."

Ta ce, "To, Allah ya ji ƙaina. Kai kuma ga ka nan ko waiwaye ba ka yi ba."

Muka yi dariya. Ta ce dama ita me za ta yi da hoto, wanda yake son ganinta ya zo, tana nan bakin murhu. Ita ta nemo ƙusa ma. Na ce wata rana zan kai ta Magariya a ɗauke ta ita kaɗai, da kujera da fulawar roba. Ta ce sai ka ce amarya. Maganar ta wuce, kamar yadda irin waɗannan maganganu suke wucewa.

Bayan kaka biyu ko uku ta kwanta ciwo, bai yi tsawo ba. Ba zan rubuta wannan ba.

Da farko ban san na rasa wani abu bayan ita ba. Muryarta tana nan, har yanzu in akuya ta shiga rumbu ina jin yadda za ta daka mata tsawa. Na san fason dugaduganta. Na san bayan wuyanta in ta sunkuya tana tankaɗe. Amma wata rana da hantsi ina zaune a gindin bishiyar bedi na ce bari in tuno fuskarta, sai ta ƙi haɗuwa. In na kamo ido, baki ya gudu. In na kamo wushiryar, sai ta tsaya ita kaɗai a iska, babu fuska a kewaye. Mu ba a koya mana kallon fuskar mace ba. Tana kawo tuwo tana kallon ƙasa, kana karɓa kana kallon tuwo. Muka tsufa tare, kuma in za a rantsar da ni, na fi sanin fuskar jakina.

Na ɗauko katin ɗan ƙasarta. An taɓa wanke shi cikin zane, hoton ya zama kamar an ɗiga koko a takarda. Ana cikin haka ɗiyar ta kira daga Yamai, bayan gaisuwa ta ce, "Baba, hoton nan na bakin kogi, wanda Inna take dariya, a turo mini. Yaran suna tambaya." Ita ba ta san abin da aka yi masa ba. Na ce mata to, sai ranar kasuwa.

Ranar kasuwa na naɗe hoton a cikin buhu, na hau kabu-kabu zuwa Magariya. A raina abin mai sauƙi ne. Na ɗauka kamar farar ƙasa ce aka shafa a bango, in aka kankare za a tarar da abin da ke ƙasa. Mai hoto ya yi mini ta'aziyya, telan ma ya taso ya shigo, ranar bai zage ni ba, abin da ya ƙara karya mini zuciya. Na kwance buhu na ce, "Mutanen da ka kwashe, ɗaya nake so ka maido. Tsohuwar da ke jikin ƙarfe. Iyalina ce."

Mai hoto ya riƙe baki. Ya ce, "Innalillahi. Baba, me ya sa ba ka faɗa ba?"

Telan ya ce, "Shi da ko sunanta bai taɓa faɗa ba."

Mai hoto ya jawo mini kujera gaban ordinatar. Ya ce zai nuna mini da idona, don kada in ce rowa yake yi. Ya buɗe hoton wani biki, ya kama ɗan abin nan da ake turawa a tebur, ya zagaye wani mutum da layi, ya bar ɗan fili kaɗan a kewayensa. Ya danna. Mutumin ya ɓace, bango ya cike wurin.

"Ka gani? Ba rufe shi ta yi ba. Cire shi ta yi, wurin ya zama rami. Ita kuma ba ta san abin da ke bayansa ba, ba ta je bikin ba. Sai ta duba gefe da gefe, ta ɗebo bango daga nan, ta ɗebo ƙasa daga can, ta cike ramin yadda zai yi kama."

Telan ya ce, "Faci ke nan. In riga ta ƙone, ka yanko daga cikin aljihu ka toshe. Amma wanda ya ƙone ya ƙone."

"Haka ne. Yanzu da ban rufe ba, ina iya komawa baya." Ya danna, mutumin ya dawo yana washe baki. "Amma in na adana shi a haɗe na rufe, shi ke nan, facin ya zama rigar. Sai dai in akwai na asali."

Na asali kuwa ni na ce a goge. Ya ce ko an goge wani lokaci ana samowa, in ba a zuba wani abu a kan katin ba. Na sunkuyar da kai. Tun bara na kai katin wurin masu tura wa'azi a tasha, suka wanke shi tas, suka cika mini shi da tafsiri da wasan dariya. Duk da haka ya karɓa ya sa, ya kunna wani abu mai tono. Muka zauna muna kallon wani layi yana rarrafe. Lantarki ya ɗauke, aka ta da inji, aka sake daga farko. Abin da ya fito a ƙarshe rabin hoton akuya ne, daga wuya zuwa ƙasa toka. Tsohuwar ordinatar da ya yi aikin a kanta kuwa ta mutu tuni, an sayar wa masu gyara.

Mai hoto ya ce, "Amma matar, na tuna ta."

Na ɗago.

"Na tuna, don ita ta fi ba ni wahala. Poton bai daɗe ba, sama ce a bayansa, sama kuwa ba ta da wuya, sai dai wajen bakin hularka da na bi a hankali kada ta cinye. Wayoyi na bi su da ɗan goge. Masu wucewa da ke saitin ruwa, dannawa ɗaya. Ita kuwa tana jikin ƙarfe, ƙarfe kuma miƙaƙƙe ne, duk cikon da ta yi sai ya fito a karye. Na jawo ta kusa, na cika gilashin nan da ita, na yi ta zagaye ta ina sakewa. Har na ce a raina, wannan baiwar Allah wa take yi wa dariya haka?"

Wato mutumin nan ya zauna ya kalli fuskar matata, babba, a nitse, fiye da yadda na taɓa yi. Ban san ko in mare shi ko in roƙe shi ba. Na ce, "Yaya take?"

Ya ce, "Baba, fuska nawa ke wucewa ta nan. Dariyar dai na riƙe."

Ya zare hotona daga gilashi, ya sa a na'ura ya ɗauke shi, ya buɗe, ya jawo wurin kusa. Sai ga abin da na yi ta kallo a bango ban gani ba. Ƙarfen ya ɗan lanƙwashe a wuri ɗaya. Akwai wata tsaga a siminti mai kama da ƙafar kaza, ga ta nan, ga ta kuma a gefenta, iri ɗaya sak, an ɗebo ta an maimaita. A ƙasa kuma, cikin inuwar ƙarfen, akwai wata inuwa da ba ta ƙarfe ba. Doguwa, ta kwanta a karkace, ba ta da mai ita.

"Wannan tata ce. Inuwa daban ake zagaye ta. Na ɗauka ta ƙarfen ce, na bar ta."

Na sa yatsa a gilashin. Ya bar ni, bai ce kada in ɓata masa ba.

Da a nan na tashi na tafi, da ya fi mini. Amma mai hoto yana son ya taimaka, ni kuma kwaɗayi. Ya ce yanzu akwai sabon abu, yana aiki in akwai rezo, wato intanet. Ana zagaye wuri a rubuta masa abin da ake so, ya ƙirƙiro ya sa. Ya gaya mini gaskiya, bai ɓoye ba, ya ce ba ita za ta fito ba, abin bai san ta ba, zai dai ƙera mace ne daga bayanin da muka ba shi. Na ji, amma kunnen da ke so ba ya jin irin wannan. Na ce a gwada.

Ya zagaye saman inuwar. Ya ce in faɗa.

"Tsohuwa. Ba ta da jiki. Mayafi shuɗi."

"Kore ne," in ji telan. "Ni na yi masa kalmasa."

"Tana da wushirya. Tana da tsaga a kunci."

"Wane ɓangare?"

Na kai hannu kuncina na dama, na mayar hagu. Na dubi telan. Ya ce shi dai ya san doguwar fuska ce da ita, da hanci. Na ce ƙarya kake, zagayayya ce. Ya ce ta ƙuruciya kake tunawa. Muka yi ta musu a kan hancin matata a gaban mutum, tsofaffi biyu, har telan ya ce, "To, yadda ka ce."

Mai hoto ya rubuta da Faransanci, ya danna. Aka jira. Sai ga mace tsaye a jikin ƙarfe, a kan inuwar uwar yara, tana dariya. Kyakkyawa, fata sumul, haƙora kamar na talla. Na ce ba ita ba ce. Ya nuna ta biyu. Wannan ta fi tsufa, ta karkata kai, akwai wani abu a idonta. Na daɗe a kanta. Ta uku ɗan kunnenta ya narke ya shige wuya. Ya sake dannawa, wasu suka zo. Na ce a ƙara mata shekaru, a rage kumatu. Wasu suka zo. Duk suna dariya, duk suna kallona, kowace ta tsaya daidai inda ta tsaya. Ban san mata nawa na kalla ba a ranar, ni da ban taɓa ƙura wa tawa ido ba.

Telan ne ya dafa ni ya ce, "Tashi mu tafi, an kira salla."

Mai hoto ya tambaya ko ya wanke mini ta biyun, tunda na fi daɗewa a kanta, a tura wa yara. Na ce a'a. Jikokina ba za su tashi suna yi wa baƙuwa addu'a ba. Ya mayar da hotona cikin gilashi yadda yake, ya ƙi karɓar komai.

Na kira ɗiyar na gaya mata. Ba ta yi faɗa ba, ita ba ta faɗa. Ta ce, "Ba komai, Baba." Na so in tambaye ta wane kunci ne, na kasa. Uba ya tambayi ɗiyarsa kamannin uwarta?

Tun daga ranar abin ya ƙara lalacewa. A da in na nemi fuskarta, guntu-guntu take zuwa, amma kowane guntu nata ne. Yanzu in na zauna na kira ta, cikakkiyar fuska ce take zuwa, da sauri, ba wahala, ta karkata kai tana dariya. Ta biyun nan ce. Ina korarta tana dawowa. Jiya na ga uwar yara a raina tana tankaɗe, na san bayan wuyan, nata ne, ba shakka. Na yi ta jira ina roƙon Allah kada ta waiwayo.